Darasi: Faɗaɗa Ƙaramin Hoto da Ƙirƙirarriyar Basira Domin Bugawa, da Haɗurran da Ke Ciki

1. Fiksel da girman bugu

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta an gina shi ne da ƙananan murabba'ai masu launi da ake kira fiksel, an jera su layi bayan layi. Idan aka ce girman hoto 480 × 600 ne, ana nufin fiksel 480 a faɗi da 600 a tsawo, jimilla 288,000. Duk abin da hoton ya kama na fuska, tufa da bango yana cikin waɗannan fiksel ɗin, babu wani abu da ke ɓoye a bayansu.

A wurin bugawa, abin da ake dubawa shi ne yawan fiksel da za su shiga kowane inci na takarda. Ana rubuta wannan ma'auni da `ppi` a cikin manhajojin hoto, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Masu ɗab'i sun saba neman 300 a kowane inci ga abin da za a riƙe a hannu, kamar littafi, katin gayyata ko hoton albam. Dalilin yana ga ido: daga nisan santimita 30, lafiyayyen ido ba ya rarrabe ɗigon da suka fi haka ƙanƙanta. Idan mai kallo ya ja baya, buƙatar tana raguwa. Daga nisan mita ɗaya, kusan 90 a inci ya wadatar, daga mita uku kuwa kusan 30. Shi ya sa allon talla na bakin titi yake fita tas daga nesa, alhali idan aka matsa kusa sai a ga ɗigo manya-manya.

Lissafin ba shi da wuya. Ana raba yawan fiksel da yawan incin da ake so a buga. Hoto mai 480 × 600, idan aka buga shi a 300, ba zai wuce inci 1.6 da 2 ba, wato kusan girman hoton fasfo. Idan aka miƙa shi zuwa inci 8 da 10, kowane inci zai sami fiksel 60 kacal, sai fuska ta yi dishi-dishi, gefuna su yi kamar matakala. Akwai akwatin da ake sauya lambar `ppi` a manhajojin hoto, amma sauya 72 zuwa 300 a nan ba ya ƙara fiksel ko ɗaya. Girman bugun kawai yake ragewa.

2. Hanyoyi biyu na ƙara fiksel

Tsohuwar hanya lissafi ce zalla. Manhaja tana ware fiksel ɗin asali, sannan ta cike giɓin da ke tsakaninsu da launin da ya faɗi a tsaka-tsakin maƙwabta. A tsarin da ake gani da sunan `Bicubic`, kowane sabon fiksel ana samo shi ne daga fiksel 16 na kewayensa. Hoton yana girma, matakalar gefuna tana gushewa, amma dishi-dishin yana nan. Wannan hanya ba ta ƙara kaifi, sai dai ba ta kawo baƙon abu cikin hoton.

Sabuwar hanya tana aiki da ƙirƙirarriyar basira, kuma fahimtar yadda ake horar da ita shi ne mabuɗin darasin nan. Masu ƙera manhajar suna tara dubban hotuna masu kaifi, su lalata kowane da gangan: su rage girmansa, su dusashe shi, su matse shi. Sai a riƙa ba na'ura lalataccen, a ce ta fito da mai kyan, ana kwatanta abin da ta fitar da na asali ana gyara mata, sau ba adadi. A ƙarshe takan koyi cewa irin wannan duhu-duhun yawanci gashin gira ne, irin wancan kuwa yawanci saƙar yadi ce. Aikin ya fara fitowa fili a 2014 da tsarin SRCNN, sannan ESRGAN a 2018, da Real-ESRGAN a 2021, wanda aka horar musamman a kan irin lalacewar da hotunan yau da kullum suke yi. Manhajoji kamar Upscayl da ake samu kyauta, da Topaz Gigapixel da ake biyan kuɗinsa, da Remini na waya, duk a kan wannan tunani suke tafiya.

A nan ne matsalar take. Hotuna masu kaifi daban-daban, idan aka rage su, suna iya komawa ƙaramin hoto iri ɗaya. Saboda haka daga ƙaramin hoto babu hanyar sanin wanne ne asalinsa. Na'urar ba ta maido da abin da ya ɓace. Tana zaɓar abin da ya fi kama da hotunan da ta saba gani ne, ta zana shi. Idan aka ninka faɗi da tsawo sau huɗu, yawan fiksel yana ninkuwa sau 16, ke nan a kowane fiksel 16 na sabon hoton, bayanin guda ɗaya ne ya fito daga kyamara, sauran hasashe ne. Hasashen yakan dace a kan bango, sama, ganye da yadi maras ado. A kan fuska da rubutu kuwa, inda ƙaramin bambanci yake sauya mutum ko ma'ana, kama da wane ba ta wane.

3. Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka an kawo wa mai shagon hoto hoton wani dattijo da ya rasu, mai girman 480 × 600, a cikin waya. Iyalinsa suna son a buga shi inci 8 da 10 a saka a firam. Dattijon yana da zane a kumatu, yana sanye da hula kube da babbar riga mai aiki a ƙirji.

Matakin farko neman asali ne, tun kafin a buɗe wata manhaja. WhatsApp yana rage girman hoto yana kuma matse shi idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, kuma hoton da aka ɗauko daga fuskar waya ko daga hoton shafin mutum ya fi kowanne lalacewa. Sai a tambaya wa ya ɗauki hoton, a roƙe shi ya turo shi ta zaɓin `Document`, wanda yake barin fayil yadda yake. Idan hoton takarda yana nan a albam ko a jikin tsohon kati, a ɗora shi a sikana a 600. Hoton fasfo mai santimita 3.5 da 4.5 zai ba da fiksel kusan 830 × 1060 ta wannan hanya. A nemi kuma wasu hotunan mamacin, ko da ba za a buga su ba, domin da su za a auna sakamakon.

Idan asalin bai samu ba, mataki na biyu shi ne a ƙayyade ninkin da ake buƙata da gaske. Domin a kai 300 a inci 8 da 10, ana buƙatar 2400 × 3000, wato ninki biyar. Amma hoton firam a bango yake zama, ana kallonsa daga mita ɗaya ko fiye. Ninki biyu yana ba da 960 × 1200, wato 120 a inci, wanda ya isa ga wannan nisan. Ninki huɗu yana ba da 1920 × 2400, wato 240 a inci, wanda ya isa ko da an ɗauki firam ɗin a hannu. Ƙa'idar ita ce a tsaya a ninki mafi ƙanƙanta da zai biya buƙata, domin duk ƙarin ninki ƙarin hasashe ne. Wata mafita mai sauƙi ita ce a buga hoton inci 5 da 7, a sa masa faffaɗan farin gefe a cikin babban firam.

Mataki na uku shi ne a auna fuskar kanta, domin girman hoto gaba ɗaya ba ya nuna yawan bayanin da ke kan fuska. Faɗin fuskar babban mutum ya kai kusan santimita 15. Idan fuskar ta ci fiksel 150 a faɗi, kowane fiksel yana wakiltar kusan milimita ɗaya, don haka zanen kumatu mai kaurin milimita biyu zai bayyana, ko da a dushe. Idan an yanko fuskar ne daga hoton taro, ta ci fiksel 30 kawai, kowane fiksel ya haɗiye milimita biyar ke nan. A wannan hali zanen, siffar fatar ido da jerin haƙora ba sa cikin hoton tun farko, kuma duk abin da manhaja ta fitar a wuraren nan nata ne.

Mataki na huɗu shi ne faɗaɗawar. Ana ajiye hoton da aka kawo a gefe ba a taɓa shi, a yi aiki da kwafi. Ba a ƙara kaifi kafin a faɗaɗa, domin na'urar za ta ɗauki farin layin da kaifin yake bari a gefuna a matsayin wani ɓangare na hoton. Ana fitar da kwafi biyu masu girma ɗaya, ɗaya da `Bicubic` ɗaya da ƙirƙirarriyar basira. Mai amfani da Real-ESRGAN kai tsaye yana rubuta umarni kamar haka, inda lambar ƙarshe take nuna ninki huɗu:

```
realesrgan-ncnn-vulkan -i hoto.jpg -o babba.png -n realesrgan-x4plus -s 4
```

Manhajoji da yawa suna da wani zaɓi na daban na gyaran fuska, wanda yake aiki da tsari irin su GFPGAN ko CodeFormer. Wannan zaɓi yana sake zana fuskar ne kusan gaba ɗaya, don haka a fara gwadawa ba tare da shi ba. A CodeFormer akwai ma'aunin `w` daga 0 zuwa 1: idan aka yi ƙasa da shi fuska tana ƙara kyau tana nisa da asali, idan aka yi sama tana riƙe kamannin mutum amma kaifi yana raguwa. Ga hoton mutum na gaske, sama ake nufa.

Mataki na biyar haɗawa ne. A manhaja irin GIMP ko Photoshop ana ɗora kwafin ƙirƙirarriyar basira a kan na `Bicubic`, a rage ƙarfin na saman zuwa kusan rabi. A bango da riga ana iya barinsa da ƙarfi, a kan ido, baki da zanen kumatu kuwa a goge shi har na ƙasan ya bayyana. Fuskar za ta ɗan yi laushi, amma tasa ce. Daga nan a ajiye fayil a tsarin PNG ko TIFF, domin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayani duk lokacin da aka sake ajiye shi.

Mataki na ƙarshe bugun gwaji ne. Ana yanko fuskar a ainihin girman da za ta fito, a buga ta a ƙaramar takarda, a nuna wa wanda ya san mamacin sosai. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa ba ta yi, don haka bugu yakan fi duhu, kuma a kan baƙar fata inuwar ƙarƙashin hula tana iya toshewa ta zama baƙi ƙirin. Gwajin ne zai nuna ko sai an ɗan buɗe hasken inuwar.

4. Abubuwan da ke lalacewa da yadda ake gane su

Babban haɗari shi ne sauya kamannin mutum. A watan Yuni na 2020 an saka dusashen hoton Barack Obama a cikin PULSE, wani tsari da masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar, sai ya fito da fuskar wani Bature farar fata. Idan aka rage sabuwar fuskar, tana komawa kusan daidai da dusashen hoton, wato ta fuskar lissafi tsarin bai yi kuskure ba. Ya dai zaɓi fuska ne daga irin waɗanda suka fi yawa a hotunan da aka horar da shi. Manhajojin yau ba su cika yin ɓarna mai girman haka ba, amma tushen matsalar bai sauya ba, kuma sauyin da yake zuwa kaɗan-kaɗan ya fi wuyar kamawa: hanci ya ɗan sirance, fata ta ɗan yi haske, leɓe ya ɗan ragu, tsoho ya koma kamar ɗan shekara arba'in.

A misalin dattijon, wuraren da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda na'urar ba ta saba gani ba. Tana iya ɗaukar zanen kumatu a matsayin ƙarzuwar tsohon hoto ta share shi, ko ta mayar da shi tamoji. Tana iya goge tabon sallah a goshi, ta toshe wushirya, ta jera haƙora farare sumul. Aikin hula da na ƙirjin riga, wanda yake da tsari mai maimaituwa daidai-wa-daida, yakan narke ya zama lanƙwashe-lanƙwashe masu kaifi da ba su bin wani tsari. Ga iyali, waɗannan su ne alamomin da suke gane mutuminsu da su.

Rubutu ma haka yake. Na'urar ta san siffar haruffa amma ba ta karanta abin da aka rubuta ba, don haka takan fito da abin da ya yi kama da rubutu daga nesa, a kusa kuwa ba harafi ba ne. Lambobi masu kama da juna, kamar 3 da 8, suna iya musanya. Rubutun ajami da na Larabci sun fi saurin lalacewa, domin ɗigo ɗaya a sama ko a ƙasa yana sauya harafi. Inda rubutu yake da muhimmanci, a sake buga shi da hannu daga majiya tabbatacciya, ko a bar shi a dushe.

Akwai kuma lahanin da matsi yake jawowa. JPEG yana rarraba hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 × 8, kuma a hoton da aka matse da yawa iyakokin gidajen suna fitowa. Manhaja tana iya ɗaukar waɗannan layuka a matsayin saƙa ko ƙuraje ta ƙara musu kaifi, ko kuma ta goge su tare da ƙwayar fata, fuska ta yi santsi kamar roba.

Hanyar ganowa ita ce kwatanci a nitse. Ana buɗe kwafin biyu a girma 100%, ana kunna na saman ana kashewa, ana kallon wuri ɗaya a kowane karo: idanu, kunnuwa, haƙora, layin gemu, yatsu, tabarau, sannan ado da rubutu. Abin da ya bayyana a kwafin ƙirƙirarriyar basira alhali babu ko inuwarsa a ɗayan, ƙirƙira ne. Abin da yake a ɗayan amma ya ɓace, sharewa ce. Sauran alamomin sun haɗa da idanu biyu masu ƙyalli daban-daban, fuska mai kaifi a kan wuya da kafaɗa masu dishi-dishi, da mutanen baya waɗanda fuskokinsu suka murɗe. Rage sabon hoton a ga ko ya koma kamar asali ba ya isa shaida, kamar yadda lamarin PULSE ya nuna.

5. Inda bai kamata a yi amfani da shi ba

Ga hoton ado, kalanda ko fosta, hasashen na'ura ba ya cutarwa matuƙar kamanni sun tsaya. Amma inda hoto yake matsayin shaida, hasashe ba shi da gurbi. A watan Maris na 2024 wani alƙali a gundumar King ta jihar Washington a Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira a wata shari'ar kisa, domin hanyar tana ƙara abin da ba ya cikin asali, kuma masana binciken bidiyo ba su amince da ita ba. Wannan dalili ya shafi hoton cigiyar wanda ya ɓace, hoton wanda ake zargi, lambar mota, hoton labari a jarida, da hoton fasfo ko katin shaida. Fuskar da aka ƙirƙira tana iya dacewa da wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Hotunan tarihi, kamar na sarakuna da malaman da suka shuɗe, suna da nasu haɗarin. Gyararren kwafi ya fi kyan gani, don haka shi yake yaɗuwa, har a wayi gari an manta da asalin. Duk inda aka buga irin wannan hoto, ya dace a rubuta a ƙarƙashinsa cewa an faɗaɗa shi da ƙirƙirarriyar basira, a kuma adana asalin tare da shi.

Batu na ƙarshe shi ne sirri. Manhajojin waya da na intanet da yawa suna tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfaninsu a yi aikin a can, don haka hoton yana barin hannun mai shi. Waɗanda suke aiki a cikin kwamfutar mutum, kamar Upscayl, ba sa buƙatar haka. Mai shago da aka ba shi amanar hoton iyali, musamman na mata da yara, ya kamata ya nemi izini kafin ya tura shi ko'ina, ya kuma bayyana wa masu hoto cewa wani ɓangare na abin da za su gani hasashen na'ura ne.

6. Aikin yi

1. Hoto mai 900 × 1200 za a buga shi inci 6 da 8. Fiksel nawa ne za su shiga kowane inci? Shin ya isa ga firam ɗin da ake kallo daga mita ɗaya?
2. Takardar A4 tana buƙatar 2480 × 3508 a ma'aunin 300. Ninki nawa hoto mai 620 × 877 yake buƙata, kuma sau nawa yawan fiksel ɗinsa zai ninku?
3. Fuska ta ci fiksel 50 a faɗi. A lissafa milimita nawa kowane fiksel yake wakilta, sannan a faɗi alamomin fuska da ba za su kasance a cikin hoton ba.
4. A ɗauki hoto mai kaifi na mutum sanye da hula mai aiki, a rage faɗinsa da tsawonsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a faɗaɗa shi da ƙirƙirarriyar basira, sannan a jera bambance-bambance biyar tsakaninsa da na asali.